Murfi ya ce 5W-30, bakanike ya ce 20W-50: me lambobin baƙin mai ke nufi?

Tambaya: A murfin injin motata an rubuta 5W-30, amma bakanikena ya ce wannan ruwa ne, in koma 20W-50 tunda ana zafi. Wani kuma ya ce mini wai man yana farawa ne da kaurin 5, in ya yi zafi ya koma 30. Don Allah mene ne gaskiyar waɗannan lambobi, kuma wanne zan zuba?

Amsa:

Malam, bari in fara da maganar mutum na biyu, don ita ce ke rikita jama'a. Babu baƙin man da ke ƙara kauri idan ya yi zafi. Kowanne tsinkewa yake yi, daga mai arha har mai tsada, kuma tsinkewa mai yawa. Kai ma ka sha gani ranar juye: in an kwance noti inji na da zafi, man yana zubowa shaa kamar ruwa, amma sabon da ake tsiyayawa daga galan yana tafiya a hankali yana jan zare. Da man yana kauri da zafi, da akasin haka za ka gani.

Abin da ke jawo ruɗanin shi ne an ɗauki 5 da 30 kamar awo biyu a kan sikeli ɗaya. Alhali jarrabawa biyu ce daban aka yi wa man, ɗaya cikin tsananin sanyi, ɗaya cikin zafi, kowacce da na'urarta da ma'auninta. Lambobin sunayen aji ne da man ya samu a kowace jarrabawa. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ce ta tsara su, tun 1911 ta fara, kuma ƙa'idar da ake bi yanzu sunanta J300.

Kafin mu shiga lambobin, ka ga girman sauyin da zafi ke kawowa. Ana auna kaurin mai da wani ma'auni da ake rubutawa cSt, ana cewa santistok. Ruwan da ka sani kaurinsa kusan 1 ne. Man 5W-30 na yau da kullum, in ya kwana a inji aka wayi gari da digiri 20, kaurinsa yana wajen 150. A digiri 40 ya sauko wajen 60. A digiri 100, wato kusan zafin da yake aiki a ciki in mota ta kama hanya, bai fi 10 ko 11 ba. Ka lura da yadda saukar take: tsakanin digiri 20 da 40 kawai ya zubar da fiye da rabin kaurinsa, amma daga 100 zuwa 120 abin da zai ragu bai wuce daga 10 da rabi zuwa wajen 7 ba. A ɓangaren sanyi ƴan digiri kaɗan suna yin babban tasiri, a ɓangaren zafi kuwa abin yana lafawa. Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Injinka an ƙera shi ne ya yi aiki da mai mai kaurin wajen 10, kuma duk safiya, ko a garin da ba a san sanyi ba, yana tashi da man da ya ninka haka sau goma sha wani abu.

To, lamba ta farko mai harafin W. Harafin farko ne na kalmar Turanci mai nufin hunturu, ba shi da alaƙa da nauyi kamar yadda wasu ke cewa. Ana sanyaya man sosai sannan a yi masa tambayoyi biyu. Ta farko, zai bar batir da kik su juya inji? Don mai ya samu 5W, dole a digiri 30 ƙasa da sifili kaurinsa bai wuce iyakar da aka gindaya ba. Na 10W ana gwada shi a 25 ƙasa da sifili, 15W a 20, 20W a 15, shi kuwa 0W a 35 ƙasa da sifili. Duk mataki ɗaya, digiri biyar ke nan. Tambaya ta biyu, famfon mai zai iya zuƙo shi daga kaskon da ke ƙasan inji? Wannan ana gwadawa da ƙarin sanyin digiri biyar a kan na farko, don man da ya daskare yakan bar famfo ya huda rami a cikinsa yana zuƙar iska, inji kuma ya tashi babu mai. Don haka 0W ba ya nufin kaurin man sifili ne. Yana nufin ya ci jarrabawar a sanyi mafi tsanani.

Na san za ka ce kai ba ruwanka da digiri 30 ƙasa da sifili. Haka ne, amma man da ya ci jarrabawar 5W yakan fi na 20W saurin gudu a digiri 20 ma, kuma a nan ne abin ya shafe ka. Za mu dawo kansa.

Lamba ta biyu ita ce ta zafi, kuma a kanta gardamarku da bakanike take. Ana auna man a digiri 100 daidai. In kaurinsa ya faɗi tsakanin 9.3 da 12.5, ajinsa 30. Daga 12.5 zuwa 16.3, aji 40. Daga 16.3 zuwa 21.9, aji 50. Aji 20 kuwa yana daga 6.9 zuwa 9.3. Ka ga kowane aji fili ne mai faɗi. Mai kaurin 12.4 da mai kaurin 12.6 kusan tagwaye ne, amma ɗaya za a rubuta masa 30, ɗaya 40. Mai 9.5 da mai 12.3 kuwa duk 30 ne a galan, alhali tazararsu ta fi haka nesa ba kusa ba.

Akwai sharaɗi na biyu da ba a rubutawa a galan, kuma ni a ganina ya fi na farko muhimmanci. Ana kai man digiri 150 a murje shi da ƙarfi tsakanin ƙarafa biyu masu gudu, kwatankwacin abin da yake sha a cikin mital ɗin karanshaf lokacin da inji ke jan kaya. A takardun kamfanoni ana rubuta wannan awo HTHS. Aji 20 dole ya riƙe aƙalla 2.6, aji 30 aƙalla 2.9, aji 50 aƙalla 3.7. Wannan adadi ne ke nuna ko fatar man da ke raba ƙarfe da ƙarfe za ta tsaya ko za ta yage.

Yaya mai ɗaya yake cin jarrabawar sanyi ta 5W kuma ya ci ta zafi ta 30? Asali ana ɗauko mai ne marar kauri sosai, wanda ba ya daskarewa da wuri, sai a zuba masa wasu sinadarai masu dogayen zarurruka, dangin roba. Cikin sanyi zarurrukan ba su cika tasiri ba, man yana gudu kusan yadda aka halicce shi. Da zafi ya ƙaru sai tasirinsu ya fito, suna rage masa saurin tsinkewa. Tsinkewar tana nan, an dai taka mata birki. Ana auna wannan juriya da wani adadi da ake rubutawa VI, wanda wasu masana biyu, Dean da Davis, suka ƙirƙiro a 1929: suka ba man da ake haƙowa a jihar Pennsylvania ta Amurka maki 100 don ya fi juriya a zamanin, na gaɓar tekun Texas suka ba shi sifili. Man SAE 40 zalla, mai lamba ɗaya, yana wajen maki 100 har yau. Man 5W-40 na haɗin sinadari, wanda ake kira sintetik, yakan kai 170. Su biyun a digiri 100 kaurinsu ɗaya ne, wajen 14. Amma a digiri 40 na farko yana wajen 140, na biyu wajen 85. Aiki ɗaya suke yi in inji ya yi zafi, bambancin yana wajen tashi da safe.

Yanzu mu ɗauki motarka mu lissafa. Alƙaluman da zan kawo na matsakaicin mai ne, kowane kamfani nasa yana ɗan gaba ko baya, amma siffar ba ta sauyawa. Ka tada mota da safe a digiri 20. Da 5W-30, famfo yana tura mai kaurin wajen 150. Da 20W-50, yana fama da wajen 500, fiye da ninki uku. Wannan mai zai ratsa filta, ya bi ƙananan hanyoyi cikin bulok, ya shiga mital, ya hau har saman inji inda kamshaf yake. Tazarar da ke tsakanin karanshaf da mital ɗinsa a yawancin ƙananan motoci tana tsakanin milimita 0.02 da 0.05, ba ta kai kaurin silin gashi ba. Mai kauri yana daɗewa kafin ya isa, kuma wannan ƙarar kaf-kaf-kaf da wasu motoci ke yi na ƴan daƙiƙu bayan tashi, sau da yawa jiran mai ne. Ƙari a kan haka, akwai wani bawul a filta da ke buɗewa in man ya yi kauri ya kasa ratsa takardar, sai ya wuce ba a tace ba. Da mai kauri, bawul ɗin yakan daɗe a buɗe.

Bayan minti goma sha biyar ko ashirin na tafiya, man ya kai wajen digiri 100. Naka na 5W-30 yana 10 da rabi, 20W-50 yana wajen 18. In ka tambaya, sai man 20W-50 ya kai wane zafi kafin ya sauko zuwa kaurin da maƙerin injinka ya nema, amsar ita ce wajen digiri 124. Wato shawarar bakanike za ta yi daidai ne in man injinka yana gudu da zafin da ya ɗara na ƙa'ida da digiri ashirin da wani abu, a kullum.

Zafin gari ba ya kawo wannan. Abin da ake mantawa shi ne injin mota mai lagireto shi ke tsara zafin kansa. Tamostat da fanka suna riƙe ruwa a wajen digiri 90 zuwa 100, ko ana hunturu ko ana bazara, man kuma yana bin ruwan da ƴar tazara, galibi tsakanin 90 da 110. Ranar da aka yi digiri 42 man zai ɗan fi zafi a kan ranar digiri 25, musamman a cunkoso da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, amma maƙeran sun yi gwaji a irin wannan yanayi kafin su rubuta lamba a murfi. Cikin inji ya riga ya ninka zafin waje fiye da sau biyu. In kuwa har manka yana kai 125 a tafiyar yau da kullum, to a duba lagireto da fanka da famfon ruwa, don can cutar take.

Hujjar da bakanike zai kawo maka na san ta, kuma ba ƙarya yake yi ba: in an zuba mai kauri, matsin mai yana hawa, ƙarar inji tana raguwa. Sai dai matsi alama ce ta yadda man ke shan wuyar wucewa. In ka toshe bakin tiyo da babban yatsa, matsi zai ƙaru, amma ruwan da ke fita bai ƙaru ba. Famfon mai yana da bawul da ke mayar da rara kasko in matsi ya wuce iyaka, don haka wani kaso na man mai kauri komawa yake yi bai je inda ake buƙatarsa ba. Kuma baƙin mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, shi ke kwashe zafi daga mital da ƙarƙashin fistin. In gudunsa ya ragu, kwasar zafin ta ragu, ga shi kuma shi kansa kaurin yana haifar da gogayya da ke ƙara zafi da shan fetur. Raguwar ƙara kuwa, mai kauri yana danne sauti ne kawai.

Motar da aka rubuta wa 5W-30 ko 0W-20 kuma, akwai yiwuwar tana da tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul, wanda za ka ga an rubuta VVT ko makamancin haka a murfin inji. Wannan tsari da matsin baƙin mai yake aiki, ta wasu ƙananan ramuka da raga mai laushi. Na taɓa karɓar mota da aka yi wa juye da 20W-50, bayan kwanaki fitilar inji ta kama, tana jijjiga da safe, na'ura ta nuna P0011, wato kamshaf ba ya zama inda kwamfutar mota ta umarce shi. An riga an gaya wa mai ita ya sayi sabon solanoyid. Muka wanke ragar, muka mayar da man da littafi ya ce, matsalar ba ta dawo ba. Ba kowace mota ce za ta nuna haka ba, wasu za su haɗiye shiru, amma na ga irinsa ya isa in ja kunne.

Duk da haka, ba na cewa 20W-50 mugun mai ne. Yana da gidansa. Tsofaffin injina da aka ƙera da tazara mai faɗi, da injina masu sanyaya kansu da iska irin na babura da yawa, waɗanda ba su da tamostat da zai riƙe musu zafi, mansu yakan wuce 120 cikin sauƙi, kuma littafinsu da kansa yakan nemi 40 ko 50. Haka injin da ya ci hanya har mital ya saki. Yadda za a gane wannan shi ne fitilar mai ta riƙa ƙiftawa in inji ya yi zafi yana tsaye a silo, ta mutu da an taka totur. A nan ma kada a yi hukunci da ido: a kwance sensa a ɗaura agogon awon matsi, a auna da zafi a silo da kuma a wajen juyi 2000, a gwada da adadin da littafin gyaran motar ya bayar. In ya gaza, hawa mataki ɗaya, daga 30 zuwa 40, yana iya saya maka lokaci kafin a buɗe inji. Mataki ɗaya na ce. Kuma lamba ta biyu za ka ɗaga, ka bar ta farko a ƙasa: 5W-40 ya fi maka 20W-50 ta kowace fuska. Ka duba littafin motarka ma, don da yawa suna da zane mai nuna ajin da aka yarda da shi a kowane yanayi, kuma duk abin da ke cikin zanen halal ne a gare ka.

Wani abu da ya kamata ka sani: lambar galan tana bayanin sabon mai ne. Da amfani, kaurin yana motsi ta ɓangarori biyu. Zarurrukan nan da na ambata suna tsintsinkewa saboda murza, sai mai 40 ya gangaro ya zama 30, kuma man da tazarar lambobinsa ke da faɗi amma asalinsa mai rauni ne ya fi saurin yin haka. Fetur ma yana zurarewa ta gefen ringi ya tsinka man, musamman a motar da ke gajerun tafiye-tafiye ba ta yin zafi sosai. In ka zaro sandar awon mai ka ji warin fetur, ko ka ga man ya haura alamar sama ba tare da an ƙara ba, wannan ne. Masu cire tamostat wai don kada mota ta yi zafi suna jawo wa kansu wannan matsala da hannunsu, don man ba ya kai zafin da zai ƙone fetur da raɓar da suka shige shi. Ta ɗaya ɓangaren, man da ya daɗe yana shan zafi yana ƙonewa ya yi kauri, a injin dizal kuma baƙin hayaƙi yana ƙara masa. Shi ya sa murza mai tsakanin yatsu biyu ba ya gaya maka komai a kan ajinsa. Kana taɓa shi ne a digiri 30, inda bambancin ƴan digiri kaɗai ya isa ya ruɗe ka.

Kuma lambar SAE ba ta cewa komai game da ingancin mai. Wannan aikin wasu haruffa ne, irin su API SN da ya fito a 2010 ko SP na 2020, ko ACEA ga motocin Turai. A nan akwai tarko: galan biyu duk an rubuta 5W-30, amma mai ACEA C3 yana da HTHS aƙalla 3.5, na A5/B5 kuwa yana tsakanin 2.9 da 3.5. In motarka ta Turai ce, ka daidaita haruffan ma, kada ka tsaya ga lamba. Sannan in ka ga 75W-90 a robar man giya, kada ka zaci ya ninka 40 kauri. Sikelinsu daban ne, mai suna J306, kuma aji 90 na giya kusan kaurin 40 zuwa 50 na inji ne.

Ga motarka, in ba ta shan mai fiye da kima, fitilar mai ba ta ƙiftawa, allurar zafi kuma tana zama inda ta saba, zuba 5W-30 mai haruffan da littafi ya nema, daga hannun dillalin da ka amince da shi, don jabun mai ba ya bin ko ɗaya daga cikin iyakokin da na lissafa. In an riga an zuba maka 20W-50, kada hankalinka ya tashi, juye ɗaya ba zai kashe inji ba. Ka riƙa tafiya a hankali na mintunan farko bayan tashi, sannan a juye na gaba ka koma naka tare da sabon filta.